Kafofin kwamfutocin ma'aikata a ƙarƙashin RSTP: PortFast kaɗai, BPDU Guard, BPDU Filter ko Root Guard?

Da yawa daga masu kula da netwok suna ɗauka cewa da zarar sun mayar da suwici kan RSTP, tsarin hana zobe a netwok mai saurin daidaitawa, jiran daƙiƙa 30 da kwamfuta ke yi kafin ta samu hanya ya ƙare. Bai ƙare ba. Saurin RSTP tsakanin suwici da suwici yake aiki, ita kuwa kafar da kwamfutar ma'aikaci ke ciki sai an gaya wa suwici cewa nan bakin netwok ne, wato a sa mata PortFast. Gaya masa hakan kuma tamkar cire sakata ne daga ƙofa, don haka dole a yanke shawarar wane mai gadi za a ajiye a wurin. Umarnin da ke ƙasa na suwici ne samfurin Catalyst na Cisco, sunayen da sauran kamfanoni ke amfani da su suna can gaba.

Mu ɗauki gini guda mu yi ta gwada komai a kansa. Suwici uku ne. A yana ɗakin saba, B da C kowanne yana da kafa 48 a hawa daban. An ja kebul daga B zuwa A, daga C zuwa A, sannan wani tsakanin B da C saboda ko-ta-kwana. A kan B akwai ɗakin kwamfuta mai na'ura 40, duka a VLAN 10, irin ɗakunan da ake zana jarrabawa ta kwamfuta. A shi ne tushe, wato suwicin da duk hanyoyi ke fuskanta, kuma kafar B da ke kallon C ita ce a toshe tana jiran ranar buƙata.

Abin da RSTP ke gyarawa, da abin da ya bari

Firem ɗin Ethernet ba shi da wani lissafi da zai kashe shi idan ya daɗe yana yawo. Idan kebul ya yi zobe, saƙon shela guda zai yi ta kewayawa, suwici na ƙara kwafinsa a kowane zagaye, har netwok ya tsaya cak. Wannan ne Radia Perlman ta magance a 1985 da tsarin STP, aka mayar da shi ma'aunin IEEE 802.1D a 1990. Tsarin yana da taka-tsantsan ƙwarai: kafa ta yi daƙiƙa 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyon adireshin MAC, sannan ta fara tura bayanai. Idan kuma matsalar daga nesa ta faru, sai an ƙara jiran daƙiƙa 20, jimla 50.

RSTP, wato 802.1w na shekarar 2001, ya maye gurbin jiran da tattaunawa. Suwici ya aika tayi ta cikin BPDU, saƙon da suwici ke magana da juna da shi, maƙwabcinsa ya amsa da yarda, kafar ta buɗe cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Idan saƙon maƙwabci ya ɓace sau uku a jere, wato daƙiƙa 6, an ɗauka ya tafi. A gininmu, idan kebul ɗin B zuwa A ya tsinke, kafar da ke kallon C za ta karɓi aiki nan take. A kan wannan babu abin muhawara: duk wanda suwicinsa ke iya RSTP, babu dalilin zama kan tsohon tsari. Abin lura kawai, tsofaffin suwici da yawa suna zuwa a kan `pvst`, kuma canjin yana katse hanya na ɗan lokaci, don haka bayan an tashi aiki ake yin sa. Idan VLAN ɗinka ba su da yawa, `rapid-pvst` ya wadatar. Sai sun doshi 128, iyakar bishiyoyin da suwici irin 2960 ke iya riƙewa, tunda kowace VLAN tana da tata bishiyar, ko kuma an gauraya kayan kamfanoni daban-daban, sannan MST, mai haɗa VLAN da yawa a bishiya ɗaya, ya cancanci wahalar saita shi.

To amma kwamfuta ba ta jin yaren BPDU. Suwici zai aika mata tayi, ba za ta amsa ba, sai ya koma tsohon lissafi na 15 da 15. Kwamfutar da ke tashi da sauri za ta nemi adireshi daga DHCP kafar na toshe, ta yi ta sake nema, wani lokaci ta haƙura ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254. Wadda ke tashi ta netwok da PXE kuwa tana iya cewa ba ta ga saba ba.

Wannan ita ce matsalar da kowa ya sani, amma akwai biyu da suka fi ta ciwo. Ta farko: a RSTP, duk kafar da ba ta bakin netwok ba, idan ta shiga tura bayanai, ana ɗaukar hakan a matsayin sauyin taswira. Sanarwa za ta bazu, kowane suwici ya goge adireshin MAC da ya koya a kafofinsa da ba na baki ba, kuma kafin ya sake koyo zai riƙa watsa bayanan mutum ɗaya zuwa kowace kafa. Tsohon tsari rage wa'adin teburin adireshin MAC yake yi daga daƙiƙa 300 zuwa 15, RSTP kuwa gogewa yake nan take. Yanzu ka duba wurin da ake ɗauke wuta a koma janareta sau uku a yini, suwici na kan inbata amma kwamfutocin tebur ba sa kai. Kowace dawowar wuta, kafa 40 za su tashi, kowacce ta haifar da tata sanarwar.

Ta biyun ta fi ɓoyuwa. Lokacin da aka gyara kebul ɗin B zuwa A, A zai aiko da tayi. Kafin B ya amsa, ƙa'ida ta ce ya toshe duk kafofinsa masu turawa waɗanda ba na baki ba, don kada zobe ya samu kafin komai ya daidaita. Kafofin kwamfuta 40 ɗin nan, in ba a yi musu alama ba, suna cikin waɗanda za a toshe, kuma tunda ba mai amsa tayi a bayansu, kowacce sai ta cika daƙiƙa 30. Wato hanyar sama ta dawo cikin ƙiftawar ido, amma ɗakin jarrabawa gaba ɗaya ya yanke na rabin minti. Shi ya sa a ƙarƙashin RSTP ba a ɗaukar PortFast a matsayin ƙari, sashe ne na aikin.

PortFast shi kaɗai

PortFast ba ya kashe STP a kafa, ko da yake ana yawan faɗin haka. Abu uku yake yi: kafar ta fara turawa da zarar kebul ya haɗu, tashinta da faɗuwarta ba sa haifar da sanarwar sauyi, kuma ba a toshe ta lokacin daidaitawar da aka bayyana a sama. Tana ci gaba da aika BPDU duk daƙiƙa 2, tana kuma saurare. Ranar da BPDU ya shigo mata, sai ta zubar da matsayinta na baki ta koma kafa ta yau da kullum.

Raunin yana nan. A ce wani ya ɗauko tsohon suwici mai STP daga sito ya sa a kafa ta 17 don ya ƙara wa ofishinsa ramuka. Ana zaɓen tushe ne da lambar fifiko, mafi ƙanƙanta ke ci, kuma kowa yana zuwa da 32768. Idan an yi kunnen doki, mai ƙaramin adireshin MAC ya ɗauka, kuma sau da yawa tsohon kaya ne ke da shi. Idan ba ka taɓa saita fifikon A ba, baƙon suwicin nan da ke ƙarƙashin tebur yana iya zama tushen VLAN 10. Taswira za ta juye ta fuskanci kafa ta 17, kebul ɗin da aka toshe ya canza, kuma idan baƙon tsohon STP kawai ya iya, wannan kafar za ta koma jiran da, inda za ka ga `Peer(STP)` a gabanta. Duk lokacin da mai ofishin ya kashe soket zai tafi gida, sai an sake zaɓe. PortFast kaɗai zai bar duk wannan ya faru ba tare da ya rufe komai ba.

Saita fifiko wajibi ne, 4096 ga A da 8192 ga mataimakinsa, amma ba ya isa, domin baƙo na iya zuwa da 0.

Masu gadi uku, da bambancinsu

BPDU Guard hukuncinsa ɗaya ne. BPDU ya shigo, ko na wane ne, ko mai ƙarfi ko mara ƙarfi, kafar ta faɗa `err-disabled`, fitilarta ta daina kore, babu shiga babu fita. A misalin kafa ta 17, baƙon suwici ba zai kai ga shiga zaɓe ba. Haka idan ɗalibi ya ga kebul na lilo ya cusa shi a ramin bango na kusa, ya haɗa kafa ta 17 da ta 18: kowacce za ta ji BPDU na 'yar'uwarta, a rufe ɗaya ko duka biyun, kuma `show logging` zai nuna maka layi mai `%SPANTREE-2-BLOCK_BPDUGUARD` da lambar kafar. Wannan shaidar tana da daraja kusan kamar rufewar kanta, domin da PortFast kaɗai zoben zai toshu a ɓoye, kebul ɗin ya zauna wata da watanni ba wanda ya sani.

Root Guard ya fi sassauci. Yana barin suwici ya zauna a bayan kafar, ya yi magana, sharaɗin kawai kada ya nemi zama tushe. Idan ya aiko da BPDU da ya fi na A, kafar ta shiga halin `root-inconsistent` ta daina turawa, kuma da saƙon ya daina zuwa za ta warke da kanta. Wurinsa shi ne kafofin A da ke saukowa zuwa B da C, ko kafar da ka san akwai halastaccen suwici na wani sashe a bayanta. A kafar kwamfuta bai dace ba, domin baƙon suwici mai babbar lamba zai wuce shi salin-alin, ya zama ɓangaren taswirarka, ya riƙa jawo sanarwar sauyi.

BPDU Filter shi ne mai haɗari, kuma sunansa na yaudarar mutane su ɗauka ɗan'uwan na farko ne. Idan aka sa shi a kan kafa da `spanning-tree bpdufilter enable`, kafar ba ta aika BPDU, wanda ya shigo kuma ta yi biris da shi. Daidai yake da kashe STP a wurin. Haɗa 17 da 18 a wannan hali, zoben zai tsaya daram ba mai karya shi. Mafi muni, idan aka haɗa shi da BPDU Guard a kafa ɗaya, tacewar ce ke rinjaye, mai gadin ba zai taɓa ganin saƙon da zai sa ya rufe ba. Ana yawan faɗawa wannan rami ne idan wata kafa ta dami mutum da rufewa, sai ya sa tacewa don ya huta. Nau'in da ake kunnawa ga suwici gaba ɗaya ya fi sauƙi, yana aika 'yan BPDU lokacin da kebul ya haɗu, kuma idan ya ji amsa kafar ta koma STP na yau da kullum, amma ribarsa a kafar kwamfuta ƙarama ce ƙwarai: ƙaramin firem guda duk daƙiƙa 2 ba ya damun kowace na'ura, kuma shi ne ke tona asirin zobe. Tacewa tana da wuri a iyakar netwok biyu masu hukuma daban, inda aka tabbatar hanya ɗaya ce tal tsakaninsu. A teburin ma'aikaci ba ta da shi.

Saboda haka ga kafar kwamfuta, firinta ko kyamara, zaɓin PortFast ne tare da BPDU Guard.

Ga suwici duka, ko kafa-kafa?

Hanya ta farko layi uku ce:

```
spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree portfast default
spanning-tree portfast bpduguard default
```

Layi na biyu yana shafar duk kafar da ba `trunk` ba, na uku kuma yana aiki ne kawai a kafar da PortFast ke aiki a kanta a lokacin. Amfaninta shi ne ba a mantuwa: kafar da aka buɗe bayan shekara biyu za ta tashi da kariyarta. Haɗarinta yana ranar farko. Idan akwai wani suwici da aka haɗa ta kafar `access`, abin da ya zama ruwan dare a ginin da aka yi ta faɗaɗawa kaɗan-kaɗan, kafar na iya rufewa, ko a take ko ranar da kebul ɗin ya sake tashi, duk mutanen da ke bayanta su yanke. Idan ta wannan hanyar kake shiga suwicin daga nesa, kai ma ka rufe kanka a waje.

Hanya ta biyu:

```
interface range GigabitEthernet1/0/1 - 44
 switchport mode access
 switchport access vlan 10
 spanning-tree portfast
 spanning-tree bpduguard enable
```

Nan mai gadin ba ya dogara da PortFast, yana nan ko kafar ta baki ce ko a'a, kuma duk wanda ya karanta saitin kafar zai gan shi da idonsa. Kafofi 45 zuwa 48 an bar su don haɗin suwici. A wasu sigogin IOS kalmar `edge` tana shiga bayan `portfast`, alamar `?` za ta nuna maka wanda naka ke karɓa.

A sabon gini da kai ka ja kowane kebul, hanya ta farko ta fi. A ginin da ka gada, fara da ta biyu, kuma kafin ka sa komai ka bi kafofin da `show spanning-tree interface GigabitEthernet1/0/17 detail`. A ƙasa akwai layin `BPDU: sent` da `received`. Kafar kwamfuta ta gaskiya tana nuna 0 a na biyun. Duk wadda ta nuna wani abu daban, akwai mai magana da STP a bayanta, sai a je a gani da ido kafin a kunna gadi. `show cdp neighbors` ko `show lldp neighbors` na taimakawa wajen gano ko wane ne. Bayan an gama, `show spanning-tree vlan 10` ya kamata ya nuna `P2p Edge` a gaban kowace kafar kwamfuta. Wadda ta nuna `P2p` kawai ba ta samu ba, ko ta rasa matsayin.

Saba mai ɗauke da VLAN da yawa ta kafar `trunk` ba ta shiga layin gaba ɗaya, tana buƙatar `spanning-tree portfast trunk` a kafarta. Kada a taɓa sa wannan a kebul ɗin da ke zuwa wani suwici.

Sauran kamfanoni ma'ana ɗaya ce da suna daban. A Juniper `edge` ne da `bpdu-block-on-edge`, a Huawei `stp edged-port enable` da `stp bpdu-protection`, a suwicin HPE na zuriyar ProCurve `admin-edge-port` da `bpdu-protection`, a MikroTik kuma `edge=yes` da `bpdu-guard=yes`. Wasunsu suna gane kafar baki da kansu idan suka yi 'yan daƙiƙu ba su ji BPDU ba, wanda ke rage jira amma ba ya gadin komai.

Wa zai buɗe kafar da ta rufe?

In ba ka ce komai ba, kafar za ta zauna a rufe har sai mutum ya shiga ya rubuta `shutdown` sannan `no shutdown`. Ana ganin waɗanda suka faɗa da `show interfaces status err-disabled`. Ko kuma a bar suwici ya sake gwadawa da kansa:

```
errdisable recovery cause bpduguard
errdisable recovery interval 300
```

Daƙiƙa 300 ita ce ta asali, ana iya saukowa har 30. Idan an cire abin da ya jawo rufewar, kafar ta dawo bayan minti biyar ba tare da an kira kowa ba. Idan ba a cire ba, za ta buɗe, ta fara turawa nan take saboda PortFast, zoben ya rayu na ɗan lokaci har BPDU ya iso, ta sake rufewa, haka duk minti biyar. A reshen da ba ma'aikacin netwok, ko inda zuwa wurin tafiyar sa'o'i ce, buɗewa da kai ta fi, da sharaɗin saƙonnin suwici suna zuwa wata saba da ake dubawa. A ɗakin jarrabawa ko wurin da ma'aikaci ke kusa, gara a bar ta a rufe: kujera ɗaya ce ta mutu, kuma dole wani ya zo ya ga dalili. Sauko da lokacin zuwa 30 ba shi da kyau ko'ina, domin yana ninka yawan buɗewar zoben sau goma.

Inda BPDU Guard ba ya gani

Ƙaramin suwici mai kafa biyar ko takwas da ake saya a kasuwa, wanda ba a saita shi, ba ya aika BPDU. Sa shi a kafa ta 17 ba zai tayar da mai gadi ba. Idan aka yi zobe a jikinsa, sakamakon ya danganta da yadda aka ƙera shi. Da yawa suna wuce da BPDU kamar kowane firem, sai saƙon B ya zagayo ya dawo wa B, kafar ta rufe, an tsira. Wasu kuwa suna haɗiye firem ɗin da ke zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:00, wanda aka keɓe wa STP, sai guguwar shela ta riƙa kwarara cikin VLAN 10 alhali kafar na nan a buɗe. Alamominta: fitilun kafofi duka suna ƙyaftawa tare babu tsayawa, suwici ya yi nauyin amsa umarni, kuma idan zoben ya ratsa kafofi biyu za ka ga `%SW_MATM-4-MACFLAP_NOTIF` yana cewa adireshi ɗaya na tsalle tsakaninsu.

Maganin wannan ba a STP yake ba. A kafofin 1 zuwa 44 ɗin nan a ƙara:

```
 storm-control broadcast level 1.00
 storm-control action shutdown
 switchport port-security
 switchport port-security maximum 3
```

Kashi 1 cikin 100 na kafar gigabit megabit 10 ne a daƙiƙa, kwamfuta mai lafiya ba ta kusantar wannan da saƙon shela. A kafar megabit 100 kuwa megabit 1 ne kacal, don haka a nan a duba abin da kafar ke ɗauka a ranar aiki kafin a tsayar da lamba. Iyakar adireshi 3 tana ba da wuri ga kwamfuta da wayar tebur ta IP da ke gabanta. Laftof mai gudanar da kwamfutocin gwaji a cikinsa yana iya wuce 3, kuma idan an haɗa katin waya da na iska a matsayin gada, ko ana gudanar da suwicin kwaikwayo a ciki, shi kansa yana iya fitar da BPDU ya rufe kafarsa. A irin wannan, gyaran a kan laftof ɗin yake, a cire gadar, sannan a buɗe kafar.

Mako guda bayan an kammala, a koma kan A a rubuta `show spanning-tree vlan 10 detail`, a nemi layin `Number of topology changes`. Yana nuna adadin sauyin, da lokacin na ƙarshe, da kafar da ya shigo ta ciki. Idan lambar na ƙaruwa duk safiya ko duk dawowar wuta, akwai kafar kwamfuta da aka tsallake. A bi kafar da layin ya nuna zuwa suwici na gaba, a sake umarnin a can, har a iso kan wadda ke nuna `P2p` babu `Edge`.